Tsakuren fodkas: daga ina ake yankowa, a ina ake tsayawa?

An yi hira ta awa guda a shirin fodkas, wato shirin da ake ɗauka a ɗora a intanet domin masu sauraro, ana so a ciro daƙiƙa 40 ko 50 a saka a TikTok ko a WhatsApp domin jawo mutane su nemi cikakken shirin. Wace jimla ce za ta zama ta farko, wace ce kuma ta ƙarshe? Ƙorafi biyu da ake yawan ji a kan irin waɗannan gajerun bidiyoyi duk daga wannan tambaya suke tasowa. Mai kallo yana cewa bai gane abin da ake magana a kai ba. Baƙon da aka yi hira da shi kuma yana cewa an yanke masa magana, ba haka ya nufa ba. Masu shirye-shirye da dama suna ɗauka matsalar ta tsawo ce, wato da an ba su ƙarin daƙiƙu da komai ya fito. A ganina ba nan gizo yake saƙar ba. Akwai tsakure na minti biyu da ba a fahimta, akwai na daƙiƙa 25 da yake tsaye da ƙafarsa, kuma abin da ya raba su shi ne inda aka sa almakashi.

## Me ake nufi da tsakure ya tsaya da kansa?

Tsakure a nan shi ne guntun da aka ciro daga cikin shiri domin ya zama somin-taɓi. Wanda zai gamu da shi ba mai sauraron shirin ba ne. Bai ji gabatarwa ba, bai san baƙon ba, bai san tambayar da aka yi mintuna goma da suka wuce ba. Yana cikin zazzaga waya ne kawai bidiyon ya faɗo masa, ko kuma wani ya turo masa a zauren WhatsApp na dangi.

Wannan na biyun ya kamata mai shiri ya fi sa wa ido. Idan aka sauke bidiyo daga TikTok ko Facebook aka tura shi ta WhatsApp, bayanin da ka rubuta a ƙarƙashinsa ba ya bin sa. Adireshin cikakken shirin ma ba ya bin sa. Abin da ke tafiya shi ne sauti da hoto da duk rubutun da aka manna a jikin hoton. Saboda haka idan fahimtar tsakurenka ta dogara ne da bayanin da ke ƙasa, da zarar ya bar shafinka ya zama maraya.

Tsakure ya tsaya da kansa idan baƙon ido zai iya faɗin wa ke magana, a kan me, da kuma inda maganar ta dire, sannan abin da ya fahimta ya yi daidai da abin da mai maganar ya nufa. Sharaɗin ƙarshen nan ne aka fi sakaci da shi.

## Iyakar daƙiƙu ba ita ce ke yanke hukunci ba

A da ana da uzuri. Status na WhatsApp daƙiƙa 30 yake ɗauka, sai a 2024 aka ƙara shi zuwa minti ɗaya. YouTube Shorts ma minti ɗaya ne iyakarsa har zuwa Oktoban 2024, lokacin da aka kai shi minti uku. A X, mai asusu na gama-gari yana iya saka bidiyon minti biyu da daƙiƙa 20. Ke nan yau fili ya wadata, amma ɗabi'ar da ƙarancin fili ya haifar tana nan: mai tacewa ya nemo jimlar da ta fi zafi, ya ƙirga daƙiƙa 30 daga nan, ya datse. Agogo ne ya zaɓa masa ƙarshe, shi kuwa agogo bai san inda magana ta cika ba.

## Misali: hira da mai kiwon kaji

Bari mu ƙaddara wata hira domin mu ga aikin a zahiri. Ana tattaunawa da wata Hajiya mai kiwon kaji, an kai minti na 18. Ga abin da aka rubuto daga faifan, da lokacin da kowace jimla ta fara:

18:02, mai gabatarwa: To Hajiya, a wancan zubin da kika ambata ɗazu, me ya faru?

18:07, Hajiya: Eh to, kamar yadda na faɗa maka, shi wannan ɗin shi ya fi ba ni wahala.

18:14: Lokacin hunturu ne, na sayo 'yan tsaki ɗari biyar, 'yan kwana ɗaya.

18:20: Sai aka ce min wai in rufe ɗakin ruf, in sa kaskon gawayi, ɗumi kawai suke buƙata.

18:28: Na rufe ko'ina, har tagogi na toshe da buhu.

18:33: Da asuba na buɗe ƙofa, na tarar da fiye da ɗari a ƙasa.

18:39: Ni na ɗauka sanyi ne ya kashe su.

18:42: Ashe ba sanyi ba ne, iskar gawayin ce, don ba ta samu hanyar fita ba.

18:49: Tun daga ranar ban sake hura gawayi ba sai na bar kafar iska a sama.

18:56: Abu na biyu kuma da na koya, maganar ruwan sha ce...

Labarin yana da gaskiya a ilmance. 'Yan tsaki a makonsu na farko suna buƙatar ɗumi da ya kai kamar digiri 32 zuwa 35, amma gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe tsuntsu, tana kashe mutum. Wannan ya sa inda aka datse wannan tsakure ba maganar ado ba ce kawai.

## A fara da nemo ƙarshe

Shawarar da na fi amincewa da ita ita ce a fara tsayar da ƙarshen tukuna, sannan a ja da baya a nemo farko. Dalilin shi ne ƙarshen ne ke gaya maka abin da tsakuren yake faɗa. Sai ka san inda za ka sauke mai kallo ne za ka san abin da yake buƙatar ji kafin ya isa wurin.

A misalinmu akwai wurare biyar da hannu zai iya tsayawa, kuma biyu daga cikinsu haɗari ne. Idan ka tsaya a 18:28, bayan "ɗumi kawai suke buƙata", ka fitar da bidiyon da Hajiya take koyar da a rufe ɗaki ruf a hura gawayi, wato ainihin abin da ta zo gargaɗi a kansa. Idan ka tsaya a 18:42, bayan "sanyi ne ya kashe su", mai kallo zai tafi da cewa sanyi ne matsalar, kuma mai ƙaramin kiwo da ya ga wannan zai ƙara toshe ɗakinsa ne. A duka biyun ba a ƙara mata kalma ko ɗaya ba, muryarta ce, fuskarta ce, amma an sa ta ta faɗi kishiyar abin da ta faɗa.

Tsayawa a 18:39, bayan "fiye da ɗari a ƙasa", ba ƙarya ba ce, kuma shi ne wanda masu son jan hankali za su zaɓa. Zan dawo kansa. Tsayawa a 18:49 ya ba da amsa: iskar gawayin ce. Tsayawa a 18:55 ya ba da amsa da magani. Ni nan zan tsaya, domin jimlar "tun daga ranar" ita ce wadda Hajiya da kanta ta rufe labarin da ita. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a zarce zuwa 18:56. Da zarar an ji "abu na biyu kuma", an buɗe sabuwar ƙofa, sai tsakuren ya ƙare kamar wanda data ta yanke.

Hausa tana da alamomin da ke nuna mai magana ya zo rufewa: "shi ke nan", "tun daga nan", "ka ji abin da ya faru", "a taƙaice dai". Tana kuma da waɗanda ke nuna bai gama ba. Duk gaɓar da ta fara da "idan", "da a ce", "ko da yake" ko "duk da cewa" rabin magana ce, tana jiran 'yar uwarta. Haka nan "na ɗauka", "a da ina ganin", "mutane suna cewa", kusan kullum akwai "ashe" ko "amma" a gabansu. Saboda haka kafin ka datse, saurari aƙalla daƙiƙa goma sha biyar na gaba. Idan ka ji "amma", "sai dai", "ashe" ko "alhali", to ba ka kai ƙarshe ba.

Kunne ma yana taimakawa. A jimlar bayani ta Hausa murya tana sauka sannu a hankali har ta dire a ƙarshe. Idan mutum ya ɗan tsaya amma muryarsa tana rataye a sama, numfashi ya ja, bai gama ba. Mai kallo yana jin wannan ko da bai san sunansa ba, shi ya sa wasu tsakuren suke ƙarewa mutum ya ji kamar an fizge masa abu.

## Sannan a ja baya a nemo farko

Yanzu mun san tsakuren zai ƙare da gawayi da kafar iska. Me baƙon ido yake buƙata kafin nan? Ya san ana maganar 'yan tsaki ne, lokacin sanyi ne, an rufe ɗaki, an yi asara. Wace jimla ce ta farko da ta ba shi wannan ba tare da ta jingina da wata ba?

18:02 ba ta yi ba, duk da cewa tambayar mai gabatarwa ce, domin "wancan zubin da kika ambata ɗazu" yana nuni ne ga abin da mai kallo bai ji ba. 18:07 ta fi muni: "kamar yadda na faɗa maka, shi wannan ɗin". Daƙiƙa bakwai sun tafi ba a ambaci sunan komai ba. 18:20 ta fara da "sai", kuma "sai aka ce min" ci gaban labari ne, kowane Bahaushe ya ji shi ya san an wuce wani abu. Ga kuma "ɗakin" da "suke buƙata": wane ɗaki, su wa? 18:14 ce ta cika: "Lokacin hunturu ne, na sayo 'yan tsaki ɗari biyar, 'yan kwana ɗaya." Ga lokaci, ga mai aiki, ga abin da ake magana a kai, kuma ba ta bin kowa bashi. Tsakuren ya zama daga 18:14 zuwa 18:55, daƙiƙa 41.

Abin da muka yi a nan shi ne farautar kalmomi masu nuni baya. Wakilan suna irin su shi, ita, su. Kalmomin nuni irin su wannan, wancan, hakan, ɗin. Harafin da ake liƙa wa suna idan an riga an ambace shi, kamar "ɗakin", "maganin", "motar". Mahaɗai irin su sai, kuma, don haka, shi ya sa. Idan jimlarka ta farko tana ɗauke da ɗaya daga cikinsu, tambayi kanka ko abin da take nunawa yana cikin tsakuren. Idan ba ya ciki, ja baya da jimla ɗaya, ka sake dubawa.

Wani lokaci ja da bayan ba ya ƙarewa, kowace jimla tana jingine da ta gabanta har ka koma mintuna uku. Wannan alama ce cewa wurin bai dace da tsakure ba, ko da yana da daɗi a cikin shirin. A bar shi a nemi wani.

Gaisuwa kuwa ba ta da gurbi a farkon tsakure, duk da nauyinta a al'adarmu. Sallama da ina gajiya da marhabin da zuwa haƙƙin cikakken shiri ne. Wanda ke zazzaga waya yana yanke shawarar tsayawa ko wucewa cikin 'yan daƙiƙun farko, har ma Facebook yana da ma'aunin kallon daƙiƙa uku da yake nuna wa masu shafi. Mutunta baƙo a tsakure shi ne a rubuta sunansa da sana'arsa a jikin bidiyon tun daga farko.

## Tambayar mai gabatarwa: a saka ko a cire?

Ya danganta da amsar. Idan baƙo ya amsa da "Eh, ƙwarai kuwa" ko "A'a, sam ba haka ba ne", to amsar ba ta da ma'ana sai da tambayar, dole a saka ta. Idan tambayar doguwa ce mai kewaye-kewaye, ana iya taƙaita ta a rubuce a saman bidiyon, muddin an rubuta abin da aka tambaya ɗin da gaske. Ɗora amsa a ƙarƙashin tambayar da ba ita aka yi ba cin amana ne, ko da amsar ta yi kama da ta dace.

Rubutu yana iya ceto farkon da ya ɗan gaza. A ce ana son gajeren tsakure na daƙiƙa 22 daga hirar Hajiya, ana iya farawa daga 18:33 a rubuta a sama: "'Yan tsaki 500, rufaffen ɗaki, kaskon gawayi". Da wannan "fiye da ɗari a ƙasa" ya samu ma'ana. Amma wanda ke saurare kawai, waya a aljihu, ya rasa wannan, don haka rubutu taimako ne, ba madadin jimla mai kyau ba.

## Ƙananan kalmomi biyu masu juya magana

"Wai" da "ba" sun cancanci a tsaya a kansu. "Wai" ita ce ke raba maganar mutum da maganar da yake ruwaitowa. A 18:20, idan aka fara daga "in rufe ɗakin ruf" aka bar "aka ce min wai" a baya, shawarar wasu ta koma bakin Hajiya. Korewa kuma a Hausa sau da yawa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Ɗauki "Ban ce maganin yana aiki ba". Idan aka shiga jimlar a makare aka fita da wuri, abin da zai rage shi ne "maganin yana aiki". Kuma "ba" ɗin ƙarshe gajeriya ce, murya ta riga ta sauka a kanta, a hoton sauti, wato zanen hawa da saukar murya da manhajar tacewa ke nunawa, da ƙyar ake ganinta, saboda haka ana iya gutsure ta ko ba da gangan ba.

A nan ne tsakuren wa'azi da na siyasa suke jawo fitina. Malami yakan kawo hujjar waɗanda yake saɓa wa dalla-dalla kafin ya warware ta, sai a yanko kawowar a bar warwarewar. Idan kuma akwai aya ko hadisi a ciki, a bar shi ya cika tare da fassarar da malamin ya yi masa, ko a fara bayan an gama shi.

## Masu cewa a ɓoye amsar

Akwai masu ganin tsakure talla ne, aikinsa ya bar mutum da ƙishi. A wurinsu 18:39 ne wurin tsayawa: an buɗe ƙofa, 'yan tsaki sun mutu, mai son sanin dalili ya je cikakken shiri. Hujjarsu ita ce idan ka ba mutum amsa, me zai kai shi neman sauran?

Hujjar tana da ƙarfi a wasu wurare. Labarin rayuwa ko na nishaɗi da ba wanda zai cutu idan bai ji ƙarshensa ba, ana iya dakatar da shi a kan tambaya, muddin tambayar a fili take. Mutum ya san abin da bai sani ba, wannan shi ne ƙishi. Mutum ya kasa sanin ko me ake magana a kai, wannan ruɗewa ce, kuma ruɗaɗɗe wucewa yake yi.

Amma inda maganar ta shafi lafiya, dukiya, addini ko mutuncin wani, ban ga dalilin ɓoye amsa ba. Da yawa daga waɗanda tsakuren zai isa gare su ba za su kalli shirin awa guda ba, wasu don tsadar data, wasu don bidiyon ya zo musu ba tare da adireshi ba. A wurinsu tsakuren shi ne shirin gaba ɗaya. Idan an bar su da 'yan tsaki a ƙasa da hunturu a farkon labari, da kansu za su cike gurbin da "sanyi". Sannan cikakken tsakure yana da nasa jan hankalin: wanda ya ƙaru da abu ɗaya cikin daƙiƙa 41 yana da dalilin yarda cewa Hajiya tana da sauran abin faɗa. Ana iya rubuta a ƙarshe cewa ta yi bayanin ruwan sha da rigakafi a cikakken shiri, idan har ta yi.

## Aikin hannu a bakin yankan

Bayan an zaɓi jimlolin, saura inda wuƙar za ta sauka daidai. Kuskuren da aka fi yi a farko shi ne amincewa da ido. Sautuka irin su s, sh, f da h ba su da tsayi a hoton sauti, suna kama da shiru, sai mai tacewa ya yanka a inda ya ga tudun ya fara, ya cinye farkon kalma. A bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin kalmar farko. Numfashin da mutum ya ja kafin magana kuma, ko a bar shi duka ko a cire shi duka, rabinsa ba ya daɗin ji.

A ƙarshe a bar rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa ɗaya bayan kalmar ƙarshe, musamman da yake TikTok da Shorts suna maimaita bidiyo da zarar ya ƙare. In ba a bar sarari ba, "a sama" za ta manne da "Lokacin hunturu" su zama jimla ɗaya. Matsalar ita ce sau da yawa mai magana ba ya barin wannan sarari, kamar yadda Hajiya ta shiga "abu na biyu" nan take. A irin haka sai a datse dab da kalmar, a ɗauko ɗan shirun ɗakin daga wani wuri a faifan a manna, domin shirun da manhaja ke sakawa ya bambanta da na ɗaki, kunne yana jin faɗuwar.

Mai aiki da Audacity, manhajar tace sauti a kwamfuta wadda kyauta ce, zai iya sa alama a wuraren da yake tunani da `Ctrl+B`, sannan bayan ya zaɓi yankin ya danna `Z` domin gefunan su koma inda igiyar sauti ta ratsa sifili, abin da ke rage ƙarar "ƙas" a bakin yanka. Ɗan gajeren `Fade In` da `Fade Out`, wato shigowar sauti da fitarsa a hankali, suna gyara sauran. Mai aiki da manhajar tace bidiyo ta CapCut a waya ya buɗe layin lokaci da yatsu biyu har iyaka kafin ya datse, kuma ya sa abin sauraro a kunne, domin lasifikar waya tana ɓoye gutsurarrun haruffa. In da hali a yanko daga faifan da ba a sa masa kiɗa ba tukuna, don kiɗan da aka datse a tsakiya yana tona inda aka yanka.

Gwajin ƙarshe ba mai tacewa ne zai yi shi ba, domin ya ji hirar duka, kansa yana cike kowane gurbi bai sani ba. A tura wa wanda bai ji shirin ba, ba tare da wani bayani ba, a ce ya faɗi abin da matar nan take cewa. Idan ya ce ta yi asarar 'yan tsaki saboda gawayi a rufaffen ɗaki, yanzu tana barin kafar iska, tsakuren ya yi. Idan ya tambaya "su wa suka mutu?", a ja farkon baya. Idan ya ce sanyi ne ya kashe su, a ƙara ƙarshen gaba. Inda maganar take da nauyi kuma, a tura wa baƙuwar ita ma ta gani kafin a wallafa.